Yadda Ake Rubuta wa Lakcara Imel Don Ya Sake Duba Sakamakon da Ya Fito a Fotal

Wata ɗaliba 'yar aji biyu ta taɓa shigowa ofishinmu da waya a hannu, ido ya yi ja. Sakamakon zangon farko ya fito, ta ga D a kwas ɗin da take ganin ta fi ƙoƙari a kansa. Ta riga ta rubuta saƙon da za ta tura wa malamin, ta miƙo mini in duba mata Turancin. Saƙon ya kai sakin layi huɗu. A ciki ta faɗi yadda ta kwana karatu, da yadda mahaifinta ke wahalar biyan kuɗin rajista, da cewa ƙawarta da suka yi karatu tare ta sami B. Babu lambar kwas, babu lambarta ta ɗalibta, babu ko maki ɗaya. Na ce ta ajiye Turancin tukuna, ta buɗe mini fotal ɗin. Ga layin da ke kan allon:

```
ECO 203   Units: 3   CA: 08   Exam: 41   Total: 49   Grade: D
```

Da wannan layin za mu yi aiki har ƙarshen bayanin nan, domin duk abin da saƙon yake bukata yana cikinsa.

Fara da karanta lambobin kafin ka taɓa imel

A yawancin jami'o'in Najeriya makin kwas kashi biyu ne. Akwai na aikin cikin zango, wato tes da jinga, wanda fotal ke nunawa da CA, galibi a kan 30 ko 40. Akwai kuma na jarrabawa, a kan 70 ko 60. A ma'aunin maki biyar da aka fi amfani da shi, 70 zuwa sama A ne, 60 zuwa 69 B, 50 zuwa 59 C, 45 zuwa 49 D, 40 zuwa 44 E, abin da ya yi ƙasa da 40 kuwa F. Wasu jami'o'in sun cire E, makin cin kwas a wurinsu daga 45 yake farawa, don haka ka duba littafin jagorar ɗalibai na makarantarku.

Abin da za ka fara yi lissafi ne na firamare. Haɗa CA da Exam ka ga ko sun ba da Total. A layin ɗalibar nan, 8 da 41 sun ba da 49, lissafin ya yi daidai. Sai ka duba ko jimlar ta dace da harafin. 49 D ne, nan ma babu kuskure. Saura tambaya ta uku, wadda ita ce ta buɗe mana hanya: shin kowace lamba ta yi daidai da abin da kake da shaidarsa a hannu?

Na tambaye ta yadda aka raba makin CA a kwas ɗin. Ta ce tes a kan 20, jinga a kan 10. An dawo musu da takardun tes? An dawo, tata tana cikin jaka, an zagaye 14 da jan biro a samanta. Jinga fa? An karanta musu a aji, ta sami 8. Nan take abin ya fito fili. Takwas ɗin da ke fotal makin jinga ne kaɗai, makin tes bai shiga ba. Da ya shiga, CA ɗinta 22 ne, jimla 63, wato B.

Bambancin ba ƙarami ba ne. D maki 2 ne a lissafin GPA, B kuwa 4. Kwas ɗin yana da nauyin 3, saboda haka tana da 6 a inda ya kamata ta sami 12. Ta ɗauki nauyin 18 a zangon, jimlar makinta a fotal 57, GPA ɗinta 3.17. Idan aka gyara, jimlar ta koma 63, a raba da 18, ya zama 3.50. Wannan lissafin naka ne, don ka san ko abin ya kai a bi. Ba sai ya shiga saƙon ba, malamin ya fi ka sanin abin da D ke yi wa ɗalibi.

Gyaran kuskure daban, sake maka takarda daban

A nan ne ɗalibai suka fi ɓata rawarsu da tsalle, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Akwai kuskuren shigar da maki. Makin tes bai shiga ba, ko an rubuta 14 a maimakon 41, ko fotal ya nuna ABS, wato ba ka zauna jarrabawa ba, alhali ka zauna ka sa hannu a takardar halarta. Ko kuma an musanya makinka da na mai lambar da ke kusa da taka. Irin wannan malami zai iya tantance shi cikin 'yan mintuna, ya buɗe takardar makinsa ya kwatanta. Shi ne abin da imel zuwa ga lakcara yake magani.

Akwai kuma cewa ba ka yarda da yadda aka maka takardar jarrabawarka ba, kana ganin amsoshinka sun fi 41. Wannan ba a warware shi tsakaninka da malami ta imel. Jami'o'i suna da hanyarsa ta hukuma: a rubuta takardar neman sake maki ta hannun shugaban sashe, galibi a biya kuɗi, a ba wani malamin daban ya duba, kuma makin da ya fito shi ne zai zauna ko da ya yi ƙasa da na farko. Akan sa wa'adi ma, idan ya wuce an rufe ƙofa.

Idan ka cakuɗa biyun a saƙo ɗaya, ka ce makin tes bai shiga ba sannan ka ƙara da cewa jarrabawar ma kana ganin an danne ka, to ka mayar da ƙaramin gyara ya zama ƙorafi a kan amanar malamin. Mutum kuwa idan aka taɓa amanarsa, kāre kansa zai fara yi kafin ya buɗe kowane fayil. Ɗalibar nan ita ma tana ganin 41 ya yi mata kaɗan. Na ce ta bar wannan a cikinta. Abin da take da takardarsa a jaka shi kaɗai za ta ambata.

Hoton fotal: yadda ake ɗaukarsa ya zama shaida

Sikirinshot ɗin da yawancin ɗalibai ke turowa layi ɗaya ne da aka yanko, babu suna, babu shekara. Irin wannan na kowa ne, ba ya tabbatar da komai. Ka ɗauki shafin gaba ɗayansa, yadda sunanka, lambarka, shekarar karatu, zango, da kanun ginshiƙan nan na CA, Exam, Total da Grade duk za su fito a hoto ɗaya. A waya teburin yakan yanke ta gefe, sai ka kwantar da wayar, ko ka zaɓi `Desktop site` a burauza. Idan kana da kwamfuta ya fi: danna `Ctrl + P`, ka zaɓi `Save as PDF`, shafin zai fito cikakke. In hoto kake so a Windows, `Windows + Shift + S` zai ba ka.

Kada ka yi zane a kan hoton, kada ka goge makin sauran kwasa-kwasan don kunya. Hoton da aka taɓa yana sa zargi, kuma kowa ya san ana iya sauya lamba a hoto. Ka rubuta ranar da ka ɗauke shi, domin fotal yana canzawa. Na sha ganin ɗalibi ya turo hoton makon jiya, alhali an riga an gyara makin a daren jiya. Saboda haka ka sake buɗe fotal ɗin a ranar da za ka aika.

Ka kuma san iyakar hoton. Abin da yake nunawa kawai shi ne abin da fotal ya ce. Ba ya nuna cewa fotal ɗin ya yi kuskure. Shaidar kuskuren ita ce takarda ta biyu: takardar tes da aka maka, ko hoton jerin makin CA da aka liƙa a allon sanarwa, ko katin jarrabawa da mai sa ido ya sa wa hannu idan matsalarka ABS ce. Ɗauki hoton takardar tes ɗin a wuri mai haske, shafin farko inda sunanka, lambarka da makin suke. Asalin takardar kuwa ka adana ta, kada ka ba kowa sai kofi.

Sa wa fayilolin sunan da za a gane ba tare da an buɗe ba. Maimakon sunan da waya ke ba su na lambobi barkatai, yi kamar haka, ka sa lambarka a wurin da aka bari:

```
ECO203_portal_LAMBARKA.pdf
ECO203_test_LAMBARKA.jpg
```

Biyu sun isa. Kada ka tura mahaɗin da sai an nemi izini kafin ya buɗe, ka liƙa fayilolin kai tsaye a jikin saƙon.

Wa za a aika wa, kuma daga wane adireshi

Malamin da ya koyar da kwas ɗin. Idan malamai biyu ko uku ne suka raba shi, ka nemi wanda yake haɗa makin, shugaban aji yakan san shi. Yi amfani da adireshin malamin na makaranta, kai ma ka aika daga naka na makaranta idan an ba ku. In babu, ka tabbata adireshin naka yana ɗauke da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiran ka da shi ba.

A saƙon farko ban cika son a sa shugaban sashe a layin `Cc` ba. Malami zai ga kamar an kai ƙararsa tun kafin a tambaye shi. Sai dai idan ƙa'idar sashenku ta ce a sanar da jami'in jarrabawa ko kodinetan aji, to a bi ƙa'ida.

Rubuta saƙon

Layin `Subject` shi ne zai sa a buɗe ko a wuce. Malamin da ke da ɗalibai ɗari uku ba zai buɗe saƙon da kansa ya ce "Taimako" ko "Gaggawa" da wuri ba. Sa abu uku: bukatar, lambar kwas, lambarka.

A yawancin sassa da Turanci za ka rubuta, haka ita ma ɗalibar ta yi. Amma tsarin ɗaya ne ko da wane harshe, ga abin da muka tsayar, na kawo shi da namu:

> Kan saƙo: Roƙon duba makin CA, ECO 203, lamba ta …
>
> Assalamu alaikum, Dakta. Barka da aiki.
>
> Sunana …, lambata …, ina aji biyu a Sashen Tattalin Arziki. Na ɗauki ECO 203 a wajenku a zangon farko na shekarar karatu ta 2023/2024.
>
> Sakamakona a fotal, kamar yadda hoton da na liƙa ya nuna, shi ne: CA 08, Exam 41, Total 49, Grade D. Na ɗauki hoton ne yau.
>
> A takardar tes da aka dawo mana da ita na sami 14 cikin 20, na liƙa hotonta. A jinga kuma na sami 8 cikin 10, kamar yadda aka karanta a aji. Idan aka haɗa biyun CA ɗina zai zama 22. Tun da abin da ke fotal ya yi daidai da makin jinga kaɗai, ina tunanin ko makin tes ne bai shiga ba.
>
> Ina roƙon Dakta ya taimaka ya duba takardar makinsa game da wannan. Asalin takardar tes ɗin tana hannuna, zan kawo ta ofis a duk lokacin da kuka ga ya dace.
>
> Na gode ƙwarai. Allah ya ƙara girma.
>
> Ɗalibarku,
> suna, lamba, aji, lambar waya

Bari mu ɗan warware shi, domin kowane sakin layi da aikinsa.

Gaisuwar layi ɗaya ce, da muƙaminsa na gaskiya. Idan Farfesa ne ka ce Farfesa, idan Dakta ne ka ce Dakta, idan ba ka tabbata ba ka duba ƙofar ofishinsa ko jadawalin sashe. Mu a al'adarmu ba a faɗa wa babba magana ba sallama, amma a imel doguwar gaisuwa ta ya gida ya iyali ya gajiya tana tura ainihin maganar can ƙasa inda allon waya ba ya kaiwa.

Lambobin an rubuta su a jikin saƙon duk da cewa suna cikin hoto. Wannan da gangan ne. Malami yakan karanta saƙo a waya, tsakanin aji da aji, wani lokacin data ba za ta buɗe hoton ba. Idan ka ce kawai "ga hoton nan a duba," ka ɗora masa aikin gano matsalar da kansa. Ka kwafe su daidai yadda suke a allo, da sunayen ginshiƙansu, har da sifilin da ke gaban takwas. Idan ka rubuta 9 a saƙo alhali hoton ya ce 08, sauran maganarka ma ta yi rauni.

Ka lura kuma yadda ta bambanta abin da take da takardarsa da abin da ta ji da kunne. Makin tes ta ce ga hotonsa. Makin jinga ta ce an karanta a aji. Ba ta yi kamar tana da shaidar duka biyun ba.

Sai kalmar nan "ina tunanin ko." Ba ta ce Dakta ya manta ba, ba ta ce an zalunce ta ba. Wannan ladabi ne, kuma gaskiya ce, domin ba ta san inda makin ya faɗi ba. Maki yana bin hannaye da yawa kafin ya iso fotal: wanda ya maka takarda, wanda ya kwafe a takardar maki, wanda ya shigar a kwamfuta, wanda ya ɗora. Ƙila ma ita ce ta yi kuskuren rubuta lambarta a takardar tes, makin ya tafi wa wani ko ya tsaya babu mai shi. Wannan yana faruwa fiye da yadda ɗalibai ke zato, don haka kafin ka aika ka dubi lambar da ka rubuta da hannunka a kan takardar.

Roƙon kuma guda ɗaya ne, kuma abin da malamin zai iya yi ne: ya duba takardar makinsa. Ba ta ce a mayar mata da B ba, ba ta ma ambaci B ɗin ba. Duk wanda ya haɗa 22 da 41 zai isa can da kansa.

Abubuwan da muka cire daga saƙonta na farko su ne labarin kuɗin rajista, da kwanan karatu, da makin ƙawarta. Na ƙarshen nan ya fi haɗari, domin ya jawo ƙawar cikin maganar da ba ta san da ita ba. Haka nan duk wata jimla mai kama da "Malam a taimaka ko da maki ɗaya ne in shiga C," ko "ba zan manta da alherin ba," a goge ta. Ta farko roƙon ƙarin maki ne, ta biyu kuma ana iya karanta ta a matsayin tayin cin hanci. Imel rubutu ne da ke zama, ana iya buga shi a ajiye a gaban kwamitin ladabtarwa.

Kafin ka danna aikawa, da bayan ka danna

Liƙa fayilolin tun kafin ka rubuta adireshin malamin, don kada saƙo ya tafi babu su. Tura wa kanka da farko, ka buɗe a waya, ka ga ko rubutun hoton yana karantuwa. Sannan ka aika a ranar aiki da safe. Kada ka ɓata lokaci bayan fitowar sakamako, kwana biyu ko uku sun isa ka tattara takardunka.

Dalilin hanzarin shi ne hanyar da sakamako yake bi. Daga malami yana zuwa taron sashe, daga nan taron tsangaya, sannan majalisar jami'a, wadda ake kira sanet, ta amince da shi. Idan abin da ke fotal na wucin gadi ne, bai kai sanet ba, gyara yana da sauƙi. Idan ya riga ya wuce can, malami ba shi da ikon shiga ya canza lamba da kansa. Sai ya rubuta takardar gyara da hujjojinta ta hannun jami'in jarrabawa da shugaban sashe, ta sake bin matakan. Wannan yakan ɗauki makonni, wani lokacin watanni. Don haka idan ya amsa maka da "na gani, za a gyara," amma bayan kwana uku fotal bai canza ba, ba yaudarar ka ya yi ba.

Idan mako guda ya wuce shiru, ka sake rubutawa a ƙarƙashin saƙon farko ta hanyar danna `Reply`, yadda komai zai zauna wuri ɗaya. Layi biyu sun isa: kana tunatar da saƙon ranar kaza, kana tambayar ko za ka iya zuwa ofis da takardar. Malamai da dama a jami'o'inmu ba sa buɗe imel kullum, saboda haka ka buga saƙon da hotunan a takarda, ka je a lokacin da yake ganin ɗalibai. Idan hakan ma bai yiwu ba, sai ka nufi kodinetan aji ko jami'in jarrabawa, ka nuna musu ranar da ka fara rubutawa. Ka bar kiran waya da dare da turo saƙo a WhatsApp sau biyar a yini, sai in shi ne ya ce a neme shi ta nan.

Wanda matsalarsa F ce ko ABS yana da ƙarin abin lura. Rajistar kwasa-kwasai ba ta jiran gyara. Ka tambayi kodinetan aji ko ya kamata ka sake rajistar kwas ɗin a matsayin kariyoba kafin a rufe, don kada gyaran ya ƙi fitowa ka rasa nan ka rasa can.

Amsar ma tana iya zuwa ba yadda kake so ba. Malami zai iya nuna maka cewa tes ɗin da aka maka a kan 20 an mayar da shi a kan 10 wajen haɗawa, ko cewa an yi tes na biyu da ba ka zauna ba. In haka ne, ka haɗa lissafin da kanka a gabansa ko a gida, in ya fita ka yi godiya ka rufe maganar.

Ita dai ɗalibar, Dakta ya amsa mata bayan kwana huɗu da layi ɗaya, ya ce ta zo da takardar. Da suka buɗe takardar maki, sai ga 14 ɗinta a layin da ke ƙasa da nata, gaban lambar wani ɗalibi da bai zauna tes ɗin ba. Sakamakon ya riga ya wuce sanet, don haka sai da aka cike takardar gyara. Fotal ɗin bai nuna 63 ba sai a tsakiyar zango na biyu. Ranar da ya nuna na ce ta sake ɗaukar hoton shafin gaba ɗayansa, ta ajiye tare da na farko da saƙon Dakta, domin a shekarar ƙarshe za a sake tattara makin dukan zanguna, kuma tsohuwar lamba takan dawo daga tsohon fayil.